Yadda Ake Kama Kuskuren Indisis Da Log Da Ƙananan Lambobi

Ɗalibin da ya rubuta cewa 2ⁿ + 2ⁿ daidai yake da 4ⁿ ba jahiltar darasin ya yi ba. Ya ga biyu da biyu, hannunsa ya haɗa su suka zama huɗu, ya wuce layi na gaba. Mafi yawan kurakuran da ake yi wajen sauƙaƙa indisis da log haka suke faruwa, domin dokokin sun yi kama da juna, kuma amsar da ba daidai ba tana da kyan gani kamar ta daidai. Sake karanta aikin ba ya cika taimakawa, tunda tunanin da ya kawo kuskuren shi ne zai sake duba shi. Abin da ke taimakawa shi ne a cire harafin a sa lamba. Mu ce n = 3. Ɓangaren hagu ya zama 8 + 8, wato 16. Ɓangaren dama ya zama 4 × 4 × 4, wato 64. Magana ta ƙare, 16 ba 64 ba ce. Amsar gaskiya ita ce 2 × 2ⁿ, wadda ake rubutawa 2^(n+1), kuma idan n = 3 tana ba da 2⁴, wato 16.

Dalilin da ya sa wannan gwaji ke aiki a bayyane yake. Idan aka ce a sauƙaƙa wani lissafi, abin da ake nufi shi ne a sake masa siffa ba tare da an taɓa ƙimarsa ba. Saboda haka alamar daidai da ke tsakanin tambayar da amsarka tana ɗauke da da'awa mai nauyi: kowace lamba aka sa a gurbin harafin, in dai lissafin ya yarda da ita, ɓangarorin biyu za su fito iri ɗaya. Da'awa irin wannan lamba ɗaya ta isa ta rushe ta. Amma lamba ɗaya ba ta isa ta tabbatar da ita ba. Idan ɓangarorin suka saɓa, lallai akwai kuskure. Idan suka dace, abin da ka sani kawai shi ne lambar da ka zaɓa ba ta kama komai ba, kuma ƙarfin wannan sakamako ya dogara ne kacokan a kan irin lambar da ka zaɓa.

Bari mu ɗauki tambaya irin wadda masu shirin WAEC da NECO da JAMB suka saba gani. An ce a sauƙaƙa wannan:

(3^(n+2) − 3ⁿ) ÷ (4 × 3^(n−1))

Ga aikin wata ɗaliba, layi bayan layi:

Layi na 1: (3ⁿ × 9 − 3ⁿ) ÷ (4 × 3^(n−1))

Layi na 2: 3ⁿ × (9 − 1) ÷ (4 × 3ⁿ × 3)

Layi na 3: 8 ÷ 12, wato 2/3

Aikin ya yi tsaf, harafin n ya ɓace, amsa ta fito ƴar ƙarama. Duk alamun da ke kwantar wa ɗalibi hankali sun bayyana. To, a sa n = 3 a cikin ainihin tambayar. 3^(n+2) ya zama 3⁵, wato 243. 3ⁿ ya zama 27. An ɗebe 27 daga 243 saura 216. A ƙasa kuma 3^(n−1) ya zama 3², wato 9, sau 4 ya ba da 36. An raba 216 gida 36 an sami 6. Tambayar ta ce 6, ɗalibar ta ce 2/3.

Akwai sharaɗi guda a nan da bai kamata a yi wasa da shi ba. Lokacin da kake lissafa ɓangaren tambayar, ka yi shi da lissafin firamare zalla: ka ninka, ka ɗebe, ka raba. Kada ka yi amfani da dokar indisis ko ɗaya, domin dokokin ne ake tuhuma. Na sha ganin ɗalibi ya sa lambarsa, sannan ya bi hanyar nan da ya bi da harafi, ya maimaita kuskurensa da lamba, amsoshin biyu suka dace, ya ɗauka ya gwada. 3⁵ a wurin gwaji 3 × 3 × 3 × 3 × 3 ne, a rubuta 243 a ci gaba.

Yanzu an san akwai kuskure, amma a ina yake? A nan ne gwajin ke da wani amfani da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ba sai an soke aikin an faro daga farko ba. Kowane layi dole ya ba da 6 idan n = 3, don haka sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da lambar nan. Layi na 1: 27 × 9 ya ba da 243, a ɗebe 27 saura 216, a raba da 36, an sami 6. Wannan layi lafiya yake. Layi na 2: sama 27 × 8, wato 216, bai canza ba. Ƙasa kuwa 4 × 27 × 3 ya ba da 324, alhali ɗazu 36 ne. Ga ɓarakar nan. Ɗalibar ta mayar da 3^(n−1) ya zama 3ⁿ × 3, alhali 3ⁿ ÷ 3 ne, domin alamar ɗebewar da ke kan fawar ta suɓuce mata. Da an gyara, ƙasa ya zama 4 × 3ⁿ ÷ 3, sai 3ⁿ na sama da na ƙasa su tafi, a bar 8 × 3 ÷ 4, wato 6. Tunda amsar ba ta ɗauke da n, tana cewa ne kowace n aka sa 6 za a samu, don haka ya dace a ƙara gwaji ɗaya. Da n = 2, sama 81 − 9 ne, wato 72, ƙasa 12, amsa 6.

Ga malamin da ke duba littattafan aji mai cunkoso, ina ganin wannan ya fi jan layi da jan biro a rubuta amsar daidai a gefe. Ya rubuta wa ɗalibi “sa n = 3 a kowane layi” kawai, ɗalibin ya gano da kansa inda ƙafarsa ta zame. Wanda ya ga 324 a inda yake jiran 36 ba zai yi saurin mantawa da ma'anar n − 1 ba.

Sai batun zaɓen lamba, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Ana cewa a gwada da lamba mai sauƙi, kuma lambobin da suka fi kowanne sauƙi su ne 0 da 1 da 2. Abin takaici, su ne suka fi ɓoye kuskure. Koma kan 2ⁿ + 2ⁿ = 4ⁿ ka sa n = 1: hagu 2 + 2, dama 4, sun dace, alhali mun riga mun ga ƙarya ce. Lamba 1 kamar mai shaidar da ke cewa “haka ne” ga duk wanda ya tsaya a gaban alƙali take. Idan ita ce tushe, kowace fawa aka ɗora mata 1 za ta bayar. Wanda ya rubuta x² × x³ = x⁶ ya gwada da x = 1 zai sami 1 a hagu, 1 a dama. Da ya rubuta x¹⁰⁰ ma haka zai samu. Da x = 3 kuwa, hagu 9 × 27 ne, wato 243, dama 729, kuma 243 shi ne 3⁵, wanda ya nuna tara fawowin ake yi ba ninka su ba. Sifili ma haka yake, idan shi ne tushe yakan shafe komai ya zama 0, idan shi ne fawa yakan mayar da komai 1.

Lamba 2 ta fi waɗannan wayo, domin ba ta yi kama da mai matsala ba. Matsalarta ita ce 2 + 2 da 2 × 2 da 2² duk 4 suke bayarwa, kuma rikita tarawa da ninkawa da ɗora fawa shi ne tushen kusan duk kurakuran wannan darasi. Ɗalibin da yake zaton x² ɗaya yake da 2x, idan ya gwada da x = 2 zai ga 4 da 4. Wanda yake kokwanton ko xᵃ × xᵇ yana ba da x^(a+b) ko x^(ab), idan ya sa a = 2 da b = 2, dokokin biyu za su ba shi x⁴, ta gaskiya da ta ƙarya. Haɗa 2 da 4 ma yana da nasa tarkon, tunda 2⁴ da 4² duk 16 ne, sai wanda ya musanya tushe da fawa ya tsira. Shi ya sa nake fifita 3 a matsayin lambar farko, 5 ta biyu. Sun isa ƙanana a lissafa su a gefen takarda, kuma 3 + 3 da 3 × 3 da 3³ sun rabu sarai: 6 da 9 da 27. Idan haruffa biyu ne ko uku, kowanne a ba shi lambarsa daban. Wanda ya sa a da b duk suka zama 3 ba zai taɓa gane cewa ya rubuta a − b a inda ya kamata ya rubuta b − a ba.

Wannan ba ya nufin an haramta 0 da 1 da 2. Idan suka nuna saɓani, saɓanin gaskiya ne, kuma sun fi saurin lissafawa. Sa n = 0 a 2ⁿ + 2ⁿ = 4ⁿ, za ka ga 2 a hagu, 1 a dama, an kama kuskuren nan take. Dacewarsu ce ba a dogara da ita.

Idan fawar ɓangare ce, kamar rabi ko sulusi, sauƙi ba ya nufin ƙanƙanta. Lamba 64 ta fi 3 sauƙi a nan, domin 64^(1/2) ya ba da 8, 64^(1/3) ya ba da 4, 64^(1/6) ya ba da 2. Mai son duba x^(1/2) × x^(1/3) sai ya ce 8 × 4, wato 32. Idan amsarsa x^(5/6) ce, 2⁵ ya ba shi 32, sun dace. Idan ya ninka fawowin ya sami x^(1/6), zai ga 2 a gaban 32. A guji gwada fawar rabi da 4, domin 4^(1/2) da 4 ÷ 2 duk 2 ne, kuma ɗaukar fawar rabi a matsayin rabawa biyu kuskure ne da ya yaɗu. Lamba 9 za ta tona shi, 3 a gefe ɗaya, 4.5 a ɗayan.

A log, ana yawan barin gwaji saboda ana ganin sai da kalkuleta ko littafin tebur. Ba haka ba ne. Log tambaya ce kawai: wace fawa za a ɗora wa tushe a sami wannan lamba? A tushe 10, log 1000 shi ne 3 domin 10³ = 1000. A tushe 2, log 32 shi ne 5. To sai a zaɓi lambobin da suke fawowin tushen ne, log ɗinsu ya fito cikakkiyar lamba, a yi gwajin da ka.

Sai dai tarkon da muka gani ɗazu bai tafi ba, wuri ya sauya. Lambar da ke shiga lissafi yanzu ita ce log ɗin, don haka 1 ta koma matsayin sifili, 10 ta koma matsayin 1, 100 ta koma matsayin 2. Ga misali. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar (log x)² da log x² abu ɗaya ne. Na farko log ɗin ne aka ninka da kansa, na biyu kuwa 2 log x ne. Gwada da x = 100, lambar da kowa zai fara kai wa hannu: na farko 2 × 2, na biyu log 10000, duk 4. Kuskuren ya wuce salin alin. Gwada da x = 1000: na farko 3 × 3, wato 9, na biyu log 1000000, wato 6. A tushe 10 ke nan, 1000 da 100000 su ne 3 da 5 ɗinmu. A tushe 2 kuma 8 da 32, a tushe 3 kuwa 27 da 243.

Mu gwada a kan cikakkiyar tambaya. An ce a rubuta log(x²y) − log(xy³) da log x da log y. Wani ɗalibi ya buɗe na farko ya sami 2 log x + log y, ya buɗe na biyu ba tare da ya sa shi a baka ba, ya rubuta − log x + 3 log y. Ya tattara ya sami log x + 4 log y. Mu sa x = 100000 da y = 1000. Kada yawan sifili ya tsorata ka, ƙirga su kawai za ka yi. x² yana da sifili goma, a ninka da y su zama goma sha uku, log ɗinsa 13. y³ yana da sifili tara, a ninka da x su zama goma sha huɗu, log ɗinsa 14. Tambayar ta ba da 13 − 14, wato −1. Amsar ɗalibin ta ba da 5 + 12, wato 17. Alamar ɗebewa ya kamata ta shafi duk abin da ke cikin log na biyu, amsar ta zama log x − 2 log y, wato 5 − 6, daidai da −1. Da ya gwada da y = 1, log y zai zama sifili, kuma ko 4 ko −2 aka ninka da sifili babu abin da zai nuna. Da kuma ya gwada da x = 100 da y = 10, tambayar za ta ba da 5 − 5. Wannan ya isa ya kama kuskuren ɗalibin nan, amma gwajin da ya ƙare a sifili gaba ɗaya mai rauni ne, tunda ko an ninka amsar gaskiya da bakwai bisa kuskure sifilin za a gani. Duk lokacin da gwaji ya ba da 0 = 0, a sake da wasu lambobin.

Babban kuskuren log, wanda ba ya ƙarewa a takardun jarrabawa, shi ne log(a + b) = log a + log b. Tun da John Napier ya fitar da log a 1614, aikinsa shi ne ya mayar da ninkawa ta zama tarawa, domin masu lissafin taurari da makamantansu su huta da doguwar ninkawa. Dokar ke nan: log na a × b shi ne log a + log b. Ga a + b babu wata doka irin wannan. Idan ka gwada dokar ƙaryar da a = 2 da b = 2 za ta tsallake, saboda dalilin da ka riga ka sani. Da 1000 da 100000 kuwa, dama ya ba da 8, hagu ya ba da log 101000. Ba ka buƙatar sanin ainihin ƙimarsa. Lambar ta ɗara 100000 kaɗan, ba ta kai 1000000 ba, don haka log ɗinta yana tsakanin 5 da 6, ba zai taɓa zama 8 ba. Kintace irin wannan ya wadatar a mafi yawan gwaje-gwaje.

Wanda ke aiki da littafin tebur ya kula da wani abu ƙarami. Tebur ya ba da log 2 = 0.3010 da log 3 = 0.4771, jimillarsu 0.7781, amma a gaban 6 zai ga 0.7782. Wannan bambanci na lambar ƙarshe daga datse lambobi ya fito, ba kuskuren doka ba ne. Kuskuren doka ba ya ɓuya a lambar ƙarshe: log(2 + 3) shi ne log 5, wato 0.6990, tazararsa da 0.7781 a fili take. Mai kalkuleta kuma abin da ya fi cutar da shi rashin sa baka ne. Idan ya danna 2^3+1 zai sami 9, alhali yana nufin 2^(3+1), wato 16. Idan ya danna −3² a kalkuletar kimiyya zai ga −9, sai ya rubuta (−3)² kafin ya sami 9. Haka nan maɓallin log da na ln tushensu ba ɗaya ba ne, kada a lissafa hagu da ɗaya, dama da ɗayan.

Akwai iyakar da 3 da 5 ba za su nuna maka ba, domin dukansu sun haura sifili. Ɗauki √(x²) = x. Da 3 ya yi, da 5 ya yi, da kowace lambar da ta haura sifili zai yi. Sa x = −3: x² ya zama 9, √9 ya ba da 3, ba −3 ba. Haka log x² = 2 log x. Da x = −10, hagu log 100 ne, wato 2, dama kuwa babu shi sam, domin a lissafin sakandare lambar da ke ƙasa da sifili ba ta da log. Dokar ba ƙarya ba ce, sharaɗi ne da ita, sai x ya haura sifili. Wannan sharaɗi ne ke sa a yi watsi da wata amsa idan ana warware lissafi irin log x + log(x − 3) = 1. Haɗa su yana kai mutum ga x² − 3x = 10, wanda ke ba da 5 da −2. A nan ba kowace lamba ake gwadawa ba, tunda neman x aka ce a yi, amsoshin ne ake mayarwa cikin ainihin tambayar. Da 5, log 5 + log 2 ya ba da log 10, wato 1. Da −2, tun a log na farko aka tsaya. Saboda haka idan tambaya ba ta ce harafin ya haura sifili ba, gwaji na biyu ya kasance da lambar da ke ƙasa da sifili.

A ɗakin jarrabawa, amfanin gwajin ya bambanta da irin takardar. A tambayoyin zaɓi, inda aka ba da A zuwa D, za ka iya sa n = 3 a tambayar, ka sa a kowane zaɓi, ka soke waɗanda suka saɓa. Idan biyu suka rage, lambarka ce ba ta raba su ba, sai ka ƙara wata. A takardar da ake nuna aiki kuwa, gwajin ba ya maye gurbin matakan, domin dacewa a lamba ɗaya ko biyu ba hujja ba ce, kuma makin yana kan dokokin da aka bi. Wurinsa gefen takarda ne da fensir, bayan an rubuta matakan, kafin a ja layi a ƙarƙashin amsa.